Bayan Liman Ya Sauko Daga Mumbari: Shawarwari Ga Gidajen da Rikici Ya Raba

A ƙarshen watan Fabrairun 2023, ana cikin tattara sakamakon zaɓen da aka yi ranar 25 ga wata, rikici ya ɓarke a garin Tudun Wada. An banka wa ofishin jam'iyyar NNPP wuta, an kuma rasa rayuka. Magana ta kai har aka kama ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Doguwa da Tudun Wada, Alhassan Ado Doguwa, wanda ya musanta zargin, daga baya ma'aikatar shari'a ta Jihar Kano ta ce babu hujjar ci gaba da tuhumarsa. Sai ranar 15 ga Afrilu, cikin watan azumi, aka ƙarasa zaɓen mazaɓar.

Manya sun koma Abuja da Kano. Waɗanda aka bari su ne masu katanga ɗaya da rijiya ɗaya, masu haɗuwa a kasuwa da maƙabarta. Duk garin da irin wannan ta faru, ko siyasa ce ta jawo, ko iyakar gona, ko ɓarnar shanu, an san huɗubar da ke biyo baya: liman zai kawo ayoyin sulhu na Suratul Hujurat, ya ambaci haƙƙin maƙwabci, ya ce a yafi juna. Mutane su ce "amin", wasu har da hawaye, kowa ya ɗauki takalminsa ya bi ta hanyar da ba zai haɗu da abokin faɗansa ba. Liman bai yi laifi ba, nasa ya yi. Sauran aikin na masu gida ne, kuma yakan lalace ne saboda ana cakuɗa abubuwa uku da shari'a ta raba: gaba, da dukiya, da jini.

1. Ku fara da kashe gaba, ita ce ba ta jira.

Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma nuna cewa mafificin su biyun shi ne wanda ya fara sallama. A mazhabar Malikiyya da muke bi, sallamar ce ke fitar da mutum daga laifin ƙauracewa, sai dai Risala ta ƙara da cewa bai kamata ya ci gaba da ƙin yi masa magana bayanta ba. Don haka maigida ba ya buƙatar taro ko ɗan aike kafin ya yi wannan. Idan an fito daga sallar asuba, ya yi sallama da murya yadda za a ji, ya ƙara da "an tashi lafiya, ya iyali?" Ko an amsa ciki-ciki, ko an yi banza da shi, ya sauke nasa nauyin, gobe ya sake. Sallama ba ta nufin ka janye ƙara ko ka yafe bashi. Mutane da yawa suna riƙe ta ne don tsoron kada a ɗauka sun sallama haƙƙinsu, alhali ba ruwan wannan da wancan.

2. A lissafa ɓarna tukuna, sannan a yi maganar yafe ta.

Nan ne sulhu ya fi rushewa. Dattawa sukan taru su ce "a bar wa Allah", mai haƙƙi ya ji nauyinsu ya yi shiru, bayan shekara maganar ta dawo da zafin da ya fi na farko. Abin da ya fi shi ne a zauna a faɗi abin da aka lalata ɗaya bayan ɗaya, a rubuta. Ƙa'idar malamai a nan a fili take. Abin da ake aunawa, kamar masara ko shinkafa, da irinsa ake biya, buhu da buhu. Abin da ba ya aunuwa, kamar babur ko keken ɗinki ko ƙofar shago, kimarsa ta ranar da aka lalata shi ake biya, kuma wanda ya san sana'ar ne zai yi kimar, ba mai rarrashi ba.

Sai kuma a duba wane ne mai haƙƙin, domin ba a yafe kayan wani. A ce matasa sun ƙona rumbu mai buhu 40 na masara, kafin a daidaita mai rumbun ya rasu, ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya maza biyu baligai, da ƙaramar yarinya, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa. Wannan bashi ya zama gado. Matar tana da tumuni, wato buhu 5. Sauran 35 a raba su kashi biyar: kowane namiji buhu 14, yarinyar buhu 7. Idan mazan nan biyu suka ji huɗuba zuciyarsu ta yi sanyi suka ce sun yafe, buhu 28 ne suka faɗi, Allah ya ba su lada. Buhu 5 na matar suna nan har sai an tambaye ta ita kanta, ba ta bakin ɗanta ba. Buhu 7 na marainiya kuwa, ba yayanta ba, ba baffanta ba, ba dagaci ba, babu mai ikon yin kyauta da su. Ko a biya a ajiye mata, ko a rubuta su bashi. Idan masu biya ba su da hali, a raba musu: rabi kakar bana, rabi ta baɗi, a sa ranar kasuwar da za a kawo. Wanda aka ba shi ko da kashi ɗaya cikin uku na asararsa a gaban shaidu ya fi saurin hucewa fiye da wanda aka cika wa kunne da daɗin baki.

3. Kada a tilasta wa gidan da aka kashe wa mutum.

Aya ta 178 a Suratul Baƙara ta buɗe ƙofar afuwa a kan jini, amma ga magadan mamaci ta miƙa ta. Ba ta liman ba ce, ba ta shugaban jam'iyya ba ce. A cika mota uku da manyan gari a dira ƙofar gidan makoki ana cewa "ku dubi girman Allah ku dubi furfurarmu" kafin a yi sadakar bakwai, wannan matsi ne, ko da niyyar mai kyau ce. Ku je ta'aziyya, ku yi addu'a, ku tashi. Maganar afuwa ta jira sai masu jinin sun nuna suna son jin ta.

Ko sun yafe, abu biyu su zauna a zuciya. Na farko, afuwarsu ba ta shafe haƙƙin hukuma. Ko a fiƙihun Malikiyya, wanda ya yi kisa da gangan aka yafe masa, ana yi masa bulala ɗari da ɗaurin shekara. Saboda haka ɓoye yaro daga 'yan sanda da sunan an sasanta ba ya cikin sulhu. Na biyu, wanda ya yafe ba dole ne ya ƙulla zumunci ba. Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, ya musulunta, Manzon Allah (SAW) ya karɓe shi, amma ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gabansa. Idan uwar da aka kashe wa ɗa ta ce ta yafe amma ba ta son ganin wane a zaurenta, a bar ta, ta yi abin da ba kowa ke iyawa ba.

4. Ku zaɓi ɗan sulhu da kyau.

Wanda aka san hular jam'iyyarsa ba zai yi ba, komai gaskiyarsa. A nemi wanda gidajen biyu ke jin kunyarsa: malamin da ya karantar da yaransu, ko surukin da ya haɗa su, ko mai unguwa. Ya fara ganin kowane gida shi kaɗai, ya saurara har mai magana ya gaji, kada ya haɗa su sai ya san abin da kowa zai iya ɗauka. Hadisin Ummu Kulsum bint Uƙba ya yi wa mai sulhu rangwame ya kai magana mai daɗi ya bar marar daɗi, amma bai ba shi damar rage buhu ko ɗaya daga haƙƙin wani ba. Ranar zama, wanda ya yi laifi ya faɗi laifinsa da bakinsa. "Baba, ni na jefi ƙofarka, na tuba, ka yafe mini" tana aiki. "In ma akwai abin da ya faru a yi haƙuri" ƙarin gishiri ce a kan miki. A rubuta abin da aka cimma, shaidu biyu su sa hannu, kowane gida ya riƙe takarda. In ta gagara a unguwa, akwai dagaci da hakimi, akwai ofishin Hisba na ƙaramar hukuma, akwai kotu. Zuwa kotu neman haƙƙi ba gaba ba ce.

5. A shigar da sulhun cikin gida.

Maza sukan yi musabaha a ƙofar masallaci su ɗauka an gama, alhali matan ba su ma ji huɗubar ba. Ga yadda ake gane sulhun da bai shiga gida ba: an daina miƙa kwanon tuwo ta katanga, an haihu ba a shiga barka ba, an hana yara ɗiban ruwa a rijiyar maƙwabta, ana daka ana habaici. Maigida ya zaunar da iyalinsa ya gaya musu abin da aka yanke, da abin da aka biya, da abin da aka yafe, don kada su riƙa ji a bakin 'yan talla. Uwargida kuma ta mayar da abin da aka saba kafin faɗa, ko da kunun buɗa-baki ne. Lokacin da Misɗahu ya tsoma baki cikin ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, Sayyidina Abubakar ya rantse ya daina ciyar da shi. Da aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka, bai tsaya ga cewa ya yafe ba, mayar masa da ciyarwar ya yi.

Sai wayoyin samari. Hoton gawa da bidiyon gobara da muryoyin zagi da aka ajiye, duk ranar da aka sake tura su faɗa ya dawo sabo. Wanda ke da amfani ga shari'a a miƙa shi ga hukuma, saura a goge.

6. Ku tuna da maƙwabcin da ba ya cikin sahu.

A wannan yanki akwai Kiristoci, kuma Tudun Wada ba ta manta rikicin watan Satumbar 2007 ba, wanda aka ƙona majami'u a cikinsa. Akwai kuma makiyayan da ke rugage a gefen dajin Falgore, waɗanda ba kullum suke sallar Juma'a a gari ba. Haƙƙin maƙwabtaka da biyan ɓarna sun hau kanmu game da su kamar yadda suka hau game da kowa. Tunda huɗuba ba ta kai gare su ba, sai an taka an je.

Zaɓen 2027 na tafe, masu neman yaran da za su riƙe musu gora da fetur kuma za su dawo. Daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, duk maigidan da ke da saurayi a gida ya kira shi tun yanzu, ya gaya masa cewa abin da hannunsa ya lalata shi za a bi bashi duniya da lahira, ba wanda ya aike shi kaɗai ba. Wanda kuma ya san akwai haƙƙin maƙwabci a kansa tun daga 2023, ya nemi mai unguwa kafin Juma'a mai zuwa.