Yadda Ake Tattara Ra'ayin Na Sama, Sa'o'i da Na Ƙasa Kan Aikin Ma'aikaci

A yawancin ma'aikatunmu, shugaba kaɗai ke cike fom ɗin ƙarshen shekara na wanda ke ƙarƙashinsa, alhali ba komai yake gani ba. Likitan da ke rusuna wa manya da safe, ƙila shi ne ke daka wa ungozoma tsawa da ƙarfe biyun dare. Shi ya sa ake tambayar kowane ɓangare. A Birtaniya, tun 2012 hukumar rajistar likitoci ke neman kowane likita ya kawo ra'ayin abokan aikinsa da na majinyata aƙalla sau ɗaya a shekara biyar.

Mu ɗauki misalin shugabar ma'aikatan jinya a ɗakin haihuwa.

Da farko a sanar da kowa cewa gyaran aiki ake nufi, ba ƙarin girma ko horo ba. Muddin aka haɗa shi da albashi, masu ƙaunarta za su zuba mata maki, masu jin haushinta kuma sun sami ranar ramuwa.

Sai zaɓen masu amsa. Mutum 12 sun isa: na sama biyu, sa'o'inta huɗu, na ƙasa shida, duk waɗanda suka yi aƙalla wata shida tare da ita. Ta kawo sunan rabi, mai kula da aikin tattara ra'ayin ya cike saura, don kada ta jero ƙawayenta zalla. Rukunin da bai kai mutum uku ba a haɗe shi da wani. Manyan nan biyu kuwa a gaya musu gaskiya, nasu ba ya ɓoyuwa.

Tambayoyi su tsaya kan abin da ido ya gani. Kada a ce "Tana da kirki?" A ce "Tana barin mai miƙa aiki ya gama bayani kafin ta yi magana?" Tambaya goma ta wadatar, maki daga 1 zuwa 5, da gurbin "ban gani ba" don kada mutum ya yi kame-kame. A ƙasa a bar fili biyu: abin da za ta ci gaba da yi, da abin da za ta sauya. Ita ma ta cike nata.

Wurin da ƙura ke tashi shi ne sharhin da ba suna. Ɓoye sunan dole ne, domin sabuwar nas ba za ta faɗi gaskiya kan wadda ke tsara mata aikin dare da hutu ba. Amma ɓoyewar kan fashe da sauƙi. Rubutun hannu yana tona mutum, saboda haka a sake buga komai. Salon magana ma yana tonawa, haka labarin da mutum biyu kaɗai suka sani: wadda ta rubuta "ranar da ta hana ni zuwa suna" ta riga ta sa hannu. Mai kula da aikin ya mayar da shi "takan hana izini ba tare da faɗin dalili ba". Ɗaya haɗarin kuma a kan ita shugabar yake faɗawa, don an zarge ta, ba ta da wanda za ta tambaya yaushe ko a ina. A nawa ganin, duk sharhin da ya taɓa ƙabila, addini, aure ko surar mutum a cire shi, kada ya kai gabanta. Idan mutum uku suka zo da jimla iri ɗaya sak, an haɗa baki ne, a lissafa su murya ɗaya. Zargi mai nauyi kuwa, kamar karkatar da magani, ba nan ne muhallinsa ba. A kai shi inda ake bincike, a kuma ji ta bakinta.

Yanzu a duba sakamako. A tambayar sauraro ta ba kanta 5, manya da sa'o'i sun ba ta 4, na ƙasa sun ba ta 2. Wannan tazarar ita ce ribar aikin duka, domin fom ɗin shugaba ba zai taɓa nuna ta ba. Huɗu cikin shida sun ce takan katse su wajen miƙa aikin safe: wannan abin kamawa ne. Ɗaya ta rubuta "girman kai gare ta" ba misali: wannan a ajiye shi.

Kada a tura mata takardar ta karanta ita kaɗai. Nazarin Kluger da DeNisi na 1996 ya nuna cewa a fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokutan da aka sanar da mutane yadda aikinsu yake, aikin baya ya yi, kuma hakan ya fi faruwa idan hankalin mutum ya koma kan kansa maimakon aikin. A zauna da ita a keɓe. Da ta fara "na san wadda ta rubuta wannan", a dawo da ita kan abin da aka faɗa. Ta zaɓi abu ɗaya ko biyu, misali ta riƙe tambayoyinta har a gama bayanin kowane gado, ta sanar da ma'aikatanta da bakinta, a sake tambaya bayan shekara.

Mai karatu, idan ba ka da amintaccen mutum da zai tace sharhin ya kuma zauna da ma'aikaciyar, kada ka raba fom ɗin tukuna.