YADDA IYAYE ZA SU KARANTA TAKARDAR SAKAMAKON JARRABAWAR 'YA'YANSU

A ƙarshen kowane zangon karatu, watau sau uku a shekara, makarantun firamare da na sakandare sukan ba kowane yaro takardar sakamako ya kai gida. Yawancin iyaye idan takardar ta zo hannunsu, wuri ɗaya idonsu yakan faɗa, watau inda aka rubuta ko yaro ya zo na nawa a aji. In ya zo na ɗaya ko na biyu a yi masa kyauta, in ya zo can baya a yi masa faɗa, sa'an nan a ninke takarda a ajiye. Alhali kuwa babban amfanin takardar yana cikin layukan maki da ke tsakiyarta. Wannan ɗan littafi zai bayyana yadda ake karanta waɗannan layuka.

Makin kowane fanni kashi biyu ne

A da, jarrabawar ƙarshe kaɗai ce ke yanke wa yaro hukunci. Wanda zazzaɓi ya kama a makon jarrabawa ya yi asarar wahalarsa ta wata uku, wanda kuwa ya yi ta wasa sa'an nan ya haddace littafi a dare biyu yana iya wucewa. Domin gyara wannan ne Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda Gwamnatin Tarayya ta fito da ita a shekarar 1977, ta shigo da tsarin auna yaro a kai a kai tun daga farkon zango har ƙarshensa. Shi ne gwajin yau da kullum, wanda a kan takardar akan taƙaita sunansa da haruffan CA.

Saboda haka kowane fanni, kamar Lissafi ko Turanci ko Hausa, yana da maki 100, amma an raba su biyu. Kashin farko na gwajin yau da kullum ne, watau ƙananan gwaje-gwajen da malami ke yi a aji, da aikin gida, da aikin da ake ba yara su yi da hannunsu. Kashi na biyu na jarrabawar ƙarshen zango ne. Makarantu da yawa sukan ba kashin farko maki 40, na biyu 60. Wasu kuma sukan yi 30 da 70. Galibi akan rubuta wannan rabo a saman kowane layi na takardar. Abin da ya kamata uba ya fara nema ke nan, domin maki 24 cikin 30 abin yabo ne, amma 24 cikin 60 bai kai ko rabi ba.

Ma'anar haruffan daraja

Bayan an haɗa kashin biyu an sami jimla, sai a ba yaro harafi. Makarantun sakandare da yawa, musamman a manyan azuzuwa, suna bin tsarin daraja tara irin na hukumomin jarrabawa na WAEC da NECO, kuma yawancinsu sukan raba makin kamar haka:

A1: maki 75 zuwa 100
B2: maki 70 zuwa 74
B3: maki 65 zuwa 69
C4: maki 60 zuwa 64
C5: maki 55 zuwa 59
C6: maki 50 zuwa 54
D7: maki 45 zuwa 49
E8: maki 40 zuwa 44
F9: maki 39 zuwa ƙasa

A wannan tsari, lamba mafi ƙanƙanta ita ce mafi daraja. Daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit. D7 da E8 tsallakewa ne kawai, F9 kuwa faɗuwa ce. Iyakar da ya fi kamata iyaye su sa wa ido ita ce wadda ke tsakanin C6 da D7, domin jami'o'in ƙasar nan suna neman kiredit a fannoni biyar, a ciki har da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin fannonin karatu. Yaron da ke samun D7 a Lissafi zango bayan zango yana iya cewa bai taɓa faɗuwa ba, kuma gaskiyarsa, amma wannan daraja ba za ta buɗe masa ƙofar jami'a a yawancin fannonin karatu ba.

A firamare da ƙananan azuzuwan sakandare akan yi amfani da haruffa kaɗan, kamar A da B da C har zuwa F, kuma iyakokinsu sun bambanta daga makaranta zuwa makaranta. Wata takan fara A daga maki 70, wata daga 75 ko 80. Don haka kada a gwama harafin yaron wannan makaranta da na waccan sai an duba jadawalin bayanin daraja, wanda akan buga a ƙasan takardar ko a bayanta.

Yara biyu, jimla ɗaya

A ɗauka akwai yaro da yarinya a aji ɗaya, a makarantar da ke raba maki 40 da 60. Dukansu sun sami jimlar maki 58 a Lissafi, watau C5. Wanda ya dubi jimla kaɗai zai ce ƙoƙarinsu ɗaya ne. To, amma yaron ya sami 34 cikin 40 a gwajin yau da kullum, da 24 cikin 60 a jarrabawa. Yarinyar kuwa ta sami 16 cikin 40, da 42 cikin 60.

Hanya mafi sauƙi ta auna su ita ce a tambaya ko kowane maki ya kai rabi. Rabin 40 shi ne 20, rabin 60 kuma 30. Yaron ya wuce rabi da nisa a aikin zango, amma ya kasa kai rabi a jarrabawa. Yarinyar ta kasa kai rabi a aikin zango, amma ta wuce shi sosai a jarrabawa. Mai son lissafi daidai sai ya ninka makin sau 100, ya raba da iyakar makin wannan kashi. Ta haka za a ga yaron yana da 85 cikin ɗari a aikin zango da 40 a jarrabawa, yarinyar kuma 40 da 70.

Matsalar yaron ita ce ta fi tsanani, ko da yake ba ta nuna kanta a jimla ba. Gwajin aji yakan taɓa darasi ɗaya ko biyu da aka koyar kwanan nan, jarrabawa kuwa takan haɗa aikin zango duka. Mai yiwuwa yaron yana gane darasi a makon da aka koyar, amma ba ya komawa ya yi bita, sai ya manta. Mai yiwuwa kuma lokaci ne ke ƙure masa a ɗakin jarrabawa. Akwai kuma dalili na uku, wanda ya shafi gida kai tsaye: wataƙila wansa ko wani a gida ne ke yi masa aikin gida, ko kuma yana kwafa daga abokai. Ana iya gane wannan cikin sauƙi. Sai a ɗauko littafin aikinsa, a zaɓi tambaya biyu ko uku da ya ci a watan jiya, a ba shi ya sake yi a gaban wani babba ba tare da taimako ba. In ya kasa, to, makin 34 ɗin nan ba nasa ba ne duka.

Ita kuwa yarinyar ta nuna ta san Lissafi, domin ba a samun 42 cikin 60 da ka. Makinta ya zube ne a tsakiyar zango. A nan sai iyaye su dubi wurin da aka rubuta kwanakin da aka buɗe makaranta da kwanakin da ta halarta. In 40 ɗin nan an kasa shi gida huɗu, kowane gwaji maki 10, to, rashin zuwa makaranta a ranar gwaji ɗaya kaɗai yana iya cinye maki 10. Wannan ya isa ya sauko da yarinya daga B3 zuwa C5. Sau da yawa dalilin yana gida: aike a ranar kasuwa, ko talla, ko tafiya biki, ko rashin lokacin yin aikin gida da yamma. Irin wannan gyara ba ya bukatar malamin lesin. A hannun iyaye yake.

Yadda makaranta ta raba maki ma yana da tasiri. Da waɗannan yara biyu a makarantar da ke bin 30 da 70 suke, da irin ƙoƙarin nan nasu, yaron zai tashi da wajen maki 54, watau C6, yarinyar kuma da 61, watau C4. Duk inda aka ƙara wa jarrabawa nauyi, raunin yaron zai ƙara fitowa fili.

Matsayi a aji da matsakaicin maki

Zuwa na biyar a aji mai yara 15 daban yake da zuwa na biyar a aji mai yara 80. Har ila yau, yaro yana iya zuwa na uku da maki 45 in ajin duka ba su gane fannin ba. Shi ya sa wasu takardu ke nuna matsakaicin makin aji, da maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta a kowane fanni. In yaro ya sami 48 alhali matsakaicin aji 70 ne, to, an bar shi a baya. In kuwa matsakaicin aji 35 ne, matsalar ta shafi ajin duka, kuma magana ce da ya dace a kai gaban taron iyaye da malamai.

A zango na uku makarantu da yawa sukan haɗa makin zango uku su raba uku, da shi kuma ake yanke shawarar wucewa aji na gaba. Yaron da ya sami 70, sa'an nan 58, sa'an nan 46, matsakaicinsa 58 ne. Wanda ya sami 46 da 58 da 70 shi ma 58 ne. Na farko gangara yake yi, na biyu hawa. Ba za a gane haka ba sai an adana takardun an jera su tare.

Kafin a sa hannu

Malamai mutane ne, kuma mai haɗa makin yara masu yawa a 'yan kwanaki yana iya kuskure. Ya kamata uba ko uwa su sake haɗa kashin biyu na kowane fanni da kansu, su ga ko harafin da aka bayar ya dace da jadawali. In an bar wani gurbi babu komai, a tambaya ko yaron bai yi gwajin ba ne, ko kuwa mantawa aka yi ba a rubuta ba. A duba kuma sashen halaye, inda akan ba da lamba 1 zuwa 5 kan zuwa da wuri da tsabta da natsuwa a aji, domin sau da yawa dalilin faɗuwar maki yana nan a rubuce.

Iyayen da ba su yi karatun boko ba sai su sami wani amintacce, ba yaron da kansa ba, ya karanta musu lambobin ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan a makon farko na komawa makaranta a je wurin malamin aji da takardar a hannu, a nemi ganin takardun gwaji da na jarrabawa na fannin da kashin biyu suka yi nisa da juna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: giɓin da aka gani a zangon farko akwai sauran zango biyu na gyara shi kafin a yanke hukuncin ƙarshen shekara.