Tambaya da Amsa: Ga Kaya a Sito, Me Ya Sa Kwamfuta Ta Ce a Sayo?

Tambaya: Ni ne mai kula da sito a wata ƙaramar masana'antar kujerun makaranta a Kano. Kwanan nan aka sa mana manhajar MRP, wadda ke tsara kayan da za a sayo. Wannan makon ta ce a yi odar robar ƙafar kujera guda 500 nan take, alhali ina da 300 a ajiye, kuma wasu 200 suna hanya. Ina tsoron in sa hannu maigida ya ce na daskarar masa da jari a kayan da ba a buƙata, ina kuma tsoron in ƙi aiki ya tsaya a ɗora mini laifi. Ta yaya take yin wannan lissafi? Daga Kabiru, Kano.

Amsa: Abin da ke damunka shi ne idonka yana ganin kaya a kan kanta, kwamfuta kuma tana cewa ba za su isa ba. Ka kwantar da hankalinka. Tsayawar da ka yi kafin ka sa hannu ita ce daidai, kuma lissafin nan bai wuce tarawa da ɗebewa ba, har a takarda za ka iya bin sawunsa.

Kai kana duba abin da ke sito yau. Ita kuwa tana duba abin da zai rage a sito ranar da za a buƙaci kayan, daga nan ta ƙirgo kwanaki da baya ta gano ranar da ya kamata a yi oda. Joseph Orlicky, injiniya a kamfanin IBM, yana cikin waɗanda suka kafa wannan tsari, ya kuma fitar da littafi a kansa a 1975. Tushen tunaninsa shi ne ba a kintatar buƙatar sassa kamar robar ƙafa, lissafo ta ake yi daga adadin kujerun da za a haɗa.

Tunda ba ka aiko mini da sauran alƙalumanku ba, bari in cike gibin da misali. A ce wata makaranta tana son kujeru 200 a mako na 5. Kuna da 60 a haɗe, kuma ƙa'idarku ita ce kada haɗaɗɗun kujeru su gaza 20 saboda ko-ta-kwana. Wannan ajiya ita ce za ka gani a allo da sunan `Safety stock`. Ga yadda manhajar ke fitar da ainihin abin da ya rage a samar:

```
Net = Gross + Safety stock - On hand - Scheduled receipts
```

Ma'ana, a haɗa buƙata da ajiyar ko-ta-kwana, a ɗebe abin da ke hannu da abin da aka riga aka yi oda yana tafe. A nan 200 da 20 sun zama 220, a ɗebe 60, saura 160. Kujeru 160 ke nan za a haɗa. Idan haɗin yana cin mako guda, dole a fara shi a mako na 4.

Yanzu mu zo kan robarka. Kowace kujera tana cin roba 4, don haka kujeru 160 za su ci 640. Ka lura da kyau, a mako na 4 ake son su, ranar da masu haɗi za su fara aiki, ba a mako na 5 da za a kai kaya ba. Kana da 300, wasu 200 za su iso a mako na 2, a ce kuma ajiyar ko-ta-kwana ta roba 100 ce. Ka tara 640 da 100, ka sami 740, ka ɗebe 500 ɗin da ke hannu da hanya. Gibin 240 ne.

To ina 500 ta fito? Daga girman oda. Idan dillalin ba ya fasa katan, kuma kowane katan 500 ne, manhajar za ta cike 240 zuwa katan guda. Bayan an gama haɗi za a bar ka da 360, ita kuma za ta riƙe su a lissafi ta rage su daga buƙatar da ke biye, ba asara ba ne.

Saura maganar "nan take". Kowane kaya yana da tsawon jira daga ranar oda zuwa ranar da zai shiga sito, shi ne `Lead time`. In na robar mako 3 ne, kuma ana son ta a mako na 4, ƙirgen baya zai kawo ka mako na 1, wato wannan makon da muke ciki. Kamar ɗinkin Sallah ne: ranar Idi ake sa rigar, amma tun azumi bai yi nisa ba ake kai wa tela yadi.

Ka sani kuma abin da ta fitar shawara ce, ana kiran ta `Planned order`. Ba ta zama oda ba sai mutum ya duba ya sake ta. Hakkinka ne ka bincika, domin manhajar tana gaskata duk alƙalumman da aka ba ta.

Fara da ƙirga robar da hannunka. Idan littafi ya ce 300 amma na kan kanta 220 ne, saboda an ɗiba ba a rubuta ba, gibin ya tashi daga 240 zuwa 320. Sannan ka kira wanda zai kawo 200 ɗin nan ka tabbatar da ranar isowarsu, domin manhajar ta riga ta ƙirga su tamkar sun iso a mako na 2. In sai mako na 5 za su zo, ba su da amfani ga wannan aiki.

Daga nan ka ɗauko takardun oda na baya ka gwada ranar oda da ranar karɓa. In ka ga mako 4 kayan ke yi alhali an rubuta 3, to kun riga kun makara da mako guda, kuma haka za ku riƙa makara kullum har sai an gyara lambar. Alamarsa ita ce ana bin shawarar manhaja daidai amma masu haɗi suna zaman jiran kaya. Kada kuma a kumbura lambar don tsoro, domin in aka rubuta 6 kaya za su riƙa zuwa da wuri su kwanta da kuɗin maigida.

Ajiyar ko-ta-kwana ma tana son a sa mata ido. Manhajar tana kare ta kamar yadda take kare buƙatar mai saye. In ta hango ragowar za ta sauka zuwa 95 alhali ƙa'ida 100 ce, za ta nemi katan guda saboda roba 5. Idan irin wannan yana yawan faruwa, ku zauna da maigida ku sake duba ko 100 ɗin ta dace da irin jinkirin da kuke gani daga dillali.

Abu ɗaya da wannan lissafi ba ya dubawa shi ne ƙarfin masu aiki. Zai ce a haɗa kujeru 160 a mako guda ko da masu walda biyu ne, ko da babu wuta. Wannan sai ka tambayi shugaban masu haɗi.

Shawarata, Malam Kabiru, ka rubuta lissafin a takarda guda: buƙata 640, ajiya 100, na hannu 300, na hanya 200, gibi 240, katan 500, jira mako 3, ko alƙalumanku na gaskiya a madadinsu. In ƙirgenka da kiran dillali sun tabbatar da su, ka kai wa maigida takardar tare da odar, ku sake ta a wannan makon. In wata lamba ta saɓa, a gyara ta a manhaja a sake gudanar da lissafin kafin a biya ko sisi. Allah ya yi jagora, ya sa albarka a sana'a.