Yadda Waya Ke Mai da Hoto Katun

Da hutun nan ƙanena ya ga hoton kakanmu na Safana ya koma katun a wayata. Ya ce, "Yaya, wa ya zana?" Na ce, "Ba kowa, aikin manhajar ToonMe ne."

Ga yadda abin yake. Da fari takan nemo idanu, da hanci, da baki. Sa'an nan ta sāke zana fuskar, ta kaurara layuka, ta share ƙananan tabo, tana kwaikwayon ɗimbin zane-zanen da aka koyar da ita da su. Yawancin irin waɗannan manhajoji sai sun aika da hoton can wata babbar na'ura mai nisa, shi ya sa in sabis ya ɗauke a Batsari aikin yakan tsaya cik.

To, amma ita ba ta san Kaka ba. Tsagar gadon da ke kumatunsa ta ɗauke ta tabo ce, ta goge. Ta ƙara masa haske, ta dagula aikin hularsa. Da muka nuna masa, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Wannan ɗan wane gida ne?" Allah ya so ban goge hoton asali ba.