Darasi: Gyaran Saƙon "Ba Na Ofis" a Imel

'Yan'uwa ɗalibai, musamman masu shirin fita horon SIWES, akwai ƙaramin aikin da oga kan jefo wa ɗalibi yana tsaye a bakin ƙofa da jaka a hannu: "Zan yi tafiyar mako guda, duba min saƙon nan da ke amsa imel da kansa." Za ka buɗe ka tarar da tsohon saƙo, sai ka kunna shi yadda yake. To a nan ake yin ɓarna, domin yawancin tsofaffin saƙonnin nan ba sa gaya wa mai karatu komai.

A ce an tura ka sashen sayen kaya na wani kamfani. Shugaban sashen zai tafi kwas daga Litinin 3 ga Maris zuwa Juma'a 7 ga Maris. Ga saƙon da ka tarar:

"Ba na ofis a halin yanzu. Zan amsa idan na dawo. Idan da gaggawa a tuntuɓi abokin aikina."

Yanzu ka ɗauki kanka a matsayin ɗan kwangilar da ya kawo kaya, ya turo takardar neman biya ranar Talata, ga lebura da direba suna jiran haƙƙinsu. Tambayoyi biyu ne a ransa: yaushe mutumin nan zai dawo, kuma wa zan nema kafin nan? Saƙon bai amsa ko ɗaya ba. "Idan na dawo" na iya zama gobe, na iya zama bayan wata uku. "Abokin aikina" kuwa, a ofishi mai mutum goma, wanne daga ciki? Ƙarshenta ko dai ya zauna jiran gawon shanu, ko ya yi ta turo saƙo ɗaya sau biyar.

Mu fara da ranar dawowa. Ranar da za ka rubuta ita ce ranar da oga zai zauna a kujerarsa ya buɗe imel, ba ranar da kwas ya ƙare ba. Kwas zai ƙare Juma'a 7 ga wata, amma Asabar da Lahadi babu aiki, saboda haka ranar dawowa Litinin ce, 10 ga Maris. In ka rubuta 7 ga wata, ɗan kwangila zai wuni Juma'a yana duba waya, ya ce an yi masa ƙarya.

Ka rubuta sunan rana da sunan wata da kalmomi. Kada ka sa 10/03, domin mu nan muna karanta shi 10 ga Maris, amma wanda ya saba da tsarin Amurka zai karanta shi 3 ga Oktoba. Haka kuma ka guji "mako mai zuwa". Saƙon guda ne ke fita kullum, kuma wanda ya karanta shi ranar Talata da wanda ya karanta ranar Lahadi ba lallai su fahimci mako ɗaya ba. Ka kuma guji "har zuwa 10 ga Maris", don ba a sani ba ko ran 10 ɗin yana nan ko ba ya nan. Ka ce kai tsaye, "zan dawo aiki ranar Litinin 10 ga Maris."

Sai batun wanda za a nema a madadinsa. Abu uku ake so: sunansa da muƙaminsa, adireshin da za a same shi, da irin lamarin da zai iya warwarewa. Na ukun nan shi aka fi mantawa. In ba ka faɗa ba, kowa zai juye masa komai, har da abin da ba shi da ikon sa hannu a kai. Kuma kafin ka rubuta sunan kowa, tashi ka je teburinsa. Ka tambaye shi ko ya sani, ko ya yarda, ko yana nan duk makon. Babu abin kunya kamar mutum ya bi adireshin da ka ba shi, sai wani saƙon "ba na ofis" ya dawo masa daga can ma. Adireshin ofis za ka sa. Lambar wayar mutum ta kansa ba a sa ta sai da izininsa, tunda saƙon na iya zuwa hannun wanda ba ku sani ba.

Ga yadda saƙon ya koma bayan gyara:

"Na gode da saƙonka. Ba na ofis daga Litinin 3 ga Maris, zan dawo aiki ranar Litinin 10 ga Maris. Ba zan riƙa duba imel ba a tsakanin nan, kuma ba a tura saƙonka ga kowa ba. Don biyan kuɗin kaya ko karɓar kaya, a rubuta wa Malama Wance, mataimakiyar shugaban sashen sayen kaya, a sayenkaya@example.com. Sauran lamura zan amsa su bayan na dawo."

Lura da jimlar nan ta "ba a tura saƙonka ga kowa ba". Mutane da yawa suna zaton saƙonsu ya wuce da kansa zuwa ga mataimakiya, alhali yana nan kwance a akwatin oga. Jimlar ce ke gaya wa ɗan kwangila cewa shi zai sake turawa. Lura kuma ba mu faɗi garin da oga ya tafi ba, ba mu faɗi dalili ba. Ba ruwan baƙo da wannan. In da Turanci ofishinku ke rubutu, sai ka juya, amma ka bar jerin yadda yake: rana, sannan wanda za a nema, sannan abin da zai jira.

Saura kunnawa. A Gmail za ka shiga `Settings`, ka danna `See all settings`, ka gangara ƙasan `General` har ka iske `Vacation responder`. A `First day` ka sa 3 ga Maris. A `Last day` ka sa Lahadi 9 ga Maris, domin saƙon yana ci gaba da fita har ƙarshen daren ranar da ka zaɓa. In ka sa 10, oga na zaune a ofis imel ɗinsa na ce wa mutane ba ya nan. In ka bar gurbin babu komai, saƙon ba zai tsaya ba sai an kashe shi da hannu. A Outlook na kwamfutar ofis kuwa, `File` ne sannan `Automatic Replies`, kuma akwai shafi biyu, `Inside My Organization` da `Outside My Organization`. In na cikin gida kaɗai ka cika, ɗan kwangilarmu ba zai ga komai ba. Ka tuna, ranakun da ka zaɓa a waɗannan guraben na'ura ce kawai ke ganinsu, shi ya sa dole ranar ta fito a cikin rubutun kansa.

Ranar da saƙon ya fara aiki, turo wa oga imel daga naka adireshin ka ga abin da zai dawo. Karanta shi a waya, ka gwada ranar da kalanda, ka duba adireshin mataimakiya harafi bayan harafi. In ka sake turawa ba ka ga amsa ba, kada hankalinka ya tashi. Gmail ba ya maimaita wa mutum ɗaya sai bayan kwana 4, sai fa in an gyara rubutun. In kuma kwas ya ƙara kwana biyu, abu na farko shi ne ka canja ranar a wuri biyu: cikin rubutun, da gurbin `Last day`.