Yadda Ake Rubuta Saƙon Tabbatar da Ganawa da Lauya Kan Rikicin Gona

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudanai ya shigo gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, darajar ƙasa ta sauya a wannan yanki. Gonar da a da ake nomawa sau ɗaya a shekara ta koma tana ba da shinkafa da damina, ta ba da tumatir ko alkama da rani. Shi ya sa rigimar gado da jingina da haya ba ta yankewa. Manomin da ta kai shi ga neman lauya yakan fara ne da kiran waya, sai ofis ya aiko masa da saƙon tabbatar da ranar ganawa. In saƙon ya yi rauni, mutum zai bar aikinsa, ya biya kuɗin mota, ya zo ba tare da takardar da ake bukata ba.

Mu ɗauki misali. Wani manomi ya kira ya ce mahaifinsa ya jinginar da eka ɗaya a wajen Kadawa. Mahaifin ya rasu, magada sun tara kuɗin fansa, amma mai riƙe da gonar ya ce saya ya yi.

Kafin a rubuta komai, sakataren ofis zai tambayi sunan abokin rigimar. Ƙa'idojin aikin lauya a Najeriya sun hana lauya tsaya wa ɓangarori biyu masu karo da juna, kuma a yankin da kowa ya san kowa, ba abin mamaki ba ne a tarar wancan ɓangaren ya riga ya zo ofis ɗin. Sai an duba an ga babu haka a sa rana. Zai kuma tambaya ko an kawo sammaci daga kotu, domin ranar da ke jikinsa ita za ta nuna gaggawar ganawar.

Wajen sa rana, a tambayi mutum ranar ban ruwansa. Wanda layin ruwa ya zo kansa ba zai bar gona ya tafi ofis ba, ko da ya amsa da "to" don kunya.

Takardu su ne jigon saƙon, kuma a nan aka fi yin sakaci. A rubuta "ka zo da duk takardunka" bai wadatar ba, domin manomi bai san wace ce ke da nauyi ba. A shari'ar jingina, ta farko ita ce takardar yarjejeniyar, ko da da ajami aka rubuta ta a warƙar littafi, saboda kalma ɗaya a cikinta, "jingina" ko "sayarwa", na iya raba gardama. Sai duk wata takarda da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu. Sai takardar rabon gado in kotun Musulunci ta riga ta raba, don lauya ya san ko mai maganar shi kaɗai ke da gonar ko akwai sauran magada da dole a ji ta bakinsu. In akwai takardar mallaka ta ƙaramar hukuma, a zo da ita, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da irinta a filayen karkara.

Rasidin kuɗin ruwa, na Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ko na ƙungiyar masu amfani da ruwa, shi ma a kawo shi. Ba ya tabbatar da mallaka, amma yana nuna wa ke noma gonar kuma tun yaushe. In babu takarda ko ɗaya, kar hakan ya hana mutum zuwa: a ce ya zo da sunayen shaidun da aka ƙulla maganar a gabansu, da na maƙwabtan gonar ta kowace kusurwa. A kuma faɗa masa ya zo da asali da kwafi, ofis ya riƙe kwafi, ya koma gida da asalinsa.

Batun kuɗi a faɗe shi ƙarara. Babban saɓanin da ke faruwa shi ne mutum ya biya kuɗin ganawa, ya tafi yana ganin ya ɗauki lauya, har ranar zaman kotu ta zo ba wanda ya tsaya masa. Don haka saƙo ya bayyana adadin, da tsawon lokacin da ya ƙunsa, da cewa kuɗin shawara ne kawai. Sunan asusun banki ya zama na ofis ko na lauyan, kuma a yi alkawarin rasidi.

Ga yadda saƙon zai kasance, adadin kuɗin kuwa misali ne:

"Assalamu alaikum Malam. Muna tabbatar maka da ganawarka da Barista ranar Laraba mai zuwa, ƙarfe 10 na safe, a ofishinmu, na tsawon sa'a ɗaya. Don Allah ka zo da takardar jinginar, da takardar rabon gado, da rasidan kuɗin ruwa, da katin shaidarka, da sunayen shaidu. In an kawo maka sammaci, ka turo hotonsa yau. Kuɗin ganawa naira 20,000 ne, za a ba ka rasidi. Na shawara ne kawai. In ka so Barista ya tsaya maka a kotu, sai an yi wata yarjejeniya a rubuce. In ba za ka samu zuwa ba, ka sanar da mu kafin ƙarfe 10 na safiyar Talata, mu sauya rana ko mu mayar maka da kuɗinka. In ba ka zo ba kuma ba ka sanar ba, ba a mayar da kuɗin, sai dai in rasuwa aka yi ko rashin lafiya. In Barista ne ya ɗage, kai ke da zaɓi: wata rana ko kuɗinka cif. Ka amsa da 'Na gani' don mu san ya iso."

Dubi yadda aka ambaci rana da sa'a a sharaɗin sokewa. Cewa "awa 24 kafin lokaci" na sa mutum lissafi, ga shi kuma kowa da irin nasa. A ganina, sharaɗin da ya ɗaure manomi ya bar lauya sake ba adalci ba ne, tunda zaman kotu yakan riƙe lauyoyi fiye da yadda suka zata, shi kuwa wanda ya taso daga Bunkure ya riga ya kashe kuɗin mota.

Akwai abin da ba a sawa a saƙo: bayanin rigimar kanta. Waya ɗaya a gida takan ratsa hannu da yawa, wani lokaci ma yaro ne ko maƙwabci zai karanta wa mai ita, alhali abokin rigimar ɗan'uwa ne na jini. Lauya na da nauyin riƙe sirrin wanda ya zo wurinsa, don haka ko sunan wancan ɓangaren kar ya fito. In an san mutum ba ya karanta boko, a bi rubutun da saƙon murya da Hausa, a karanta masa daidai yadda aka rubuta, ba ƙari ba ragi.

Kai kuma manomi, in saƙo ya zo maka babu adadin kuɗi ko babu sharaɗin sokewa, kira ka tambaya, ka ce a turo maka a rubuce kafin ka tura ko sisi. Wanda kuma ba shi da halin biya, ya tuntuɓi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da ke Kano ya ji ko ya cancanci taimako.