Kafin ka biya kuɗin kiriyatin mai tsada

Matashin Gangara da ke kokawa ko ɗaga ƙarfe, in ya aika a sayo masa garin kiriyatin daga Maraɗi ko Kano, zai iya cin karo da iri huɗu. Shawarata ya tsaya kan monohaidiret. A kansa aka yi mafi yawan bincike tun 1992, kusan dukansa na shiga jini, kuma ya fi araha. Giram 3 zuwa 5 kullum ya isa, tsoka ta ƙoshi cikin kamar wata guda.

Masu haidirokulorayid suna tallar saurin narkewarsa a ruwa. Gaskiya ne yana narkewa, amma narkewa a kofi ba ta nuna tsoka ta samu ƙari ba. Etil-esta kuwa ya fi ba da kunya: yana saurin rikiɗewa ya zama kiriyatinin, dattin da ƙoda ke fitarwa, kuma wani gwaji na 2009 ya nuna bai fi monohaidiret ba. Wanda aka rage wa tsami ma, wani gwaji na 2012 bai ga fifikonsa ba.

Duba jikin roba ka ga "creatine monohydrate". Da zafin nan namu, kada ka jiƙa ka ajiye. Dama ka shanye. Mai ciwon ƙoda ya fara ganin likita.